Girman guntu da maimaici: yadda muka yanka littafin kula da inji mai tokin 120,000

Aikin da muka sa a gaba shi ne wani littafin kula da babban injin dizal mai ba da wuta, wanda ake so makanikai su riƙa yi wa tambaya ta kwamfuta, manhaja ta zaƙulo musu wurin da amsar take. Irin wannan manhaja ba ta karanta littafin gaba ɗaya duk lokacin da aka yi tambaya. Tun farko ake yanka littafin guntu-guntu, a mayar da kowane guntu jerin lambobi da ake kira bekta, a adana. Idan tambaya ta zo, ita ma sai a mayar da ita bekta, a ɗebo guntayen da suka fi kusa da ita, a miƙa wa samfurin AI da zai rubuta amsa. Saboda haka abin da bai fito cikin guntayen da aka ɗebo ba, mai amsawa ba zai taɓa ganinsa ba, komai ƙwarewarsa. Lambobi biyu ne ke hannun mai yanka: girman guntu, da kuma maimaici, wato yawan rubutun da guntu ke sake ɗaukowa daga ƙarshen wanda ya gabace shi.

Kafin mu taɓa waɗannan lambobi sai da muka tsabtace rubutun da aka ciro daga fayil ɗin PDF. Kowane shafi yana ɗauke da sunan littafin a sama da lambar shafi a ƙasa, kuma kowane layi ya ƙare da alamar sabon layi ko da jimla ba ta ƙare ba. Idan aka bar su haka, mai yanka zai ɗauki kowane ƙarshen layi a matsayin wurin da ya dace a yanke, ya riƙa sare jimla a tsakiya. Muka cire rubutun sama da na ƙasa, muka haɗe layukan da ke cikin sakin layi ɗaya, muka bar layi marar rubutu tsakanin sakin layi da ɗan'uwansa kawai. Bayan nan littafin ya tsaya a kusan tokin 120,000.

Tokin shi ne ma'aunin da ya kamata a yi aiki da shi, kuma a nan ne muka fara tuntuɓe. Samfurin da ke yin bekta ba ya ƙirga haruffa ko kalmomi, yana tsinka rubutu ne bisa nasa ƙamus zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira tokin, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Mun zaɓi multilingual-e5-base, wanda iyakarsa tokin 512 ne, bektarsa kuma lambobi 768. A gwajin farko mun kira RecursiveCharacterTextSplitter, mai yanka rubutu na manhajar LangChain, ba tare da mun canza komai ba. Shi kuwa abin da yake zuwa da shi shi ne girman 4,000 da maimaicin 200, kuma haruffa yake ƙirgawa. A rubutun Turanci na yau da kullum, haruffa huɗu ne ke ba da kusan tokin ɗaya, wato guntu mai haruffa 4,000 ya doshi tokin 1,000. Samfurin ya karɓi na farko 512, sauran aka datse aka zubar, kuma babu wani saƙon kuskure da ya tsayar da aikin. Kusan rabin kowane cikakken guntu bai shiga bekta ba sam.

Wannan matsala tana da alama mai sauƙin ganewa. Ɗauki jimla daga ƙarshen wani dogon guntu, ka kwafe ta kalma da kalma, ka nema da ita. Idan guntun nata bai fito a sahun gaba ba, alhali jimlar da ke farkon wannan guntu tana fito da shi nan take, to ana datse maka wutsiya. Da muka ga haka sai muka ƙirga tsawon kowane guntu da tokanaizar samfurin kansa, wato abin da ke tsinka masa rubutu zuwa tokin, abin ya fito fili. Wanda ke aiki da wani samfurin ya duba tasa iyakar, domin sun bambanta ƙwarai: all-MiniLM-L6-v2 yana tsayawa a 256, paraphrase-multilingual-MiniLM-L12-v2 a 128, shi kuma bge-m3 yana kaiwa 8,192. Lissafin haruffa huɗu ma ba a dogara da shi ba. Lambobin kayan gyara, ma'aunai da gajerun alamomi suna cin tokin fiye da zube, haka kuma harshen da bai da yawa a ƙamus ɗin samfurin, ana tsinka kalmominsa ƙanana-ƙanana.

Su ma 512 ɗin ba duka ne na rubutu ba. Akwai tokin biyu na musamman, na buɗewa da na rufewa. Samfuran e5 kuma suna buƙatar a fara kowane guntu da `passage: `, kowace tambaya da `query: `, wannan ma ya ci 'yan tokin. Sannan mun ware 40 don taken sashe, wanda zan zo kansa a gaba. Abin da ya rage ya ɗan haura 460, sai muka tsayar da rufinmu a 448 don a samu ɗan sarari. Ga yadda muka saita mai yankan ya riƙa ƙirga tokin:

```python
from transformers import AutoTokenizer
from langchain_text_splitters import RecursiveCharacterTextSplitter

tok = AutoTokenizer.from_pretrained("intfloat/multilingual-e5-base")
n_tok = lambda t: len(tok.encode(t, add_special_tokens=False))

splitter = RecursiveCharacterTextSplitter(
    chunk_size=256, chunk_overlap=32, length_function=n_tok,
    separators=["\n\n", "\n", ". ", " ", ""], keep_separator="end")
```

Mun ƙara `". "` a jerin wuraren yanka ne domin na asali ba shi da shi, yana tsallakewa daga sabon layi kai tsaye zuwa tazarar kalma, wato idan sakin layi ya yi tsawo sai ya yanke a kowace kalma ya ga dama. Shi kuma `keep_separator="end"` yana hana sabon guntu ya fara da aya.

Rufi dai an san shi, amma rufi ba ya gaya maka girman da ya dace. Don samun wannan, sai da muka ajiye yanka gefe muka koma ga tambayoyi. Mun tattara tambayoyi 60 daga bakin masu gyaran injin, yadda suke furta su, ba yadda littafin ya rubuta ba. Wannan na da muhimmanci: idan mai gwaji ya buɗe shafi ya ƙago tambaya yana kallon amsar, zai ari kalmomin shafin ba tare da ya sani ba, sai kowane irin yanka ya ci jarrabawa. Ga kowace tambaya muka nemo wurin amsarta a littafin, muka kwafe daidai rubutun da dole mutum ya gani kafin ya amsa daidai, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci a duk tafiyar, kuma a ganina babu wata hanyar da za ta maye gurbinsa.

Da muka auna tsawon waɗannan amsoshi, sai suka rabu gida uku. Akwai masu neman lamba guda, kamar ƙarfin da ake ɗaure wani noti da shi ko yawan man da inji ke ci, amsarsu ba ta wuce tokin 30 ba. Akwai masu neman ƙa'ida tare da togaciyarta, kusan tokin 60. Sai masu neman matakan aiki, kamar yadda ake fitar da iska daga layin mai, waɗanda ke kaiwa tokin 150, wasu ma su haura 300. Wannan rabuwar ita ce ta bayyana mana kusan duk abin da muka gani daga baya.

Muka yanka littafin a girma uku, 128 da 256 da 448. A nan akwai tarkon da ya kamata a kauce wa. Idan ka ce a ɗebo guntaye biyar a kowane girma, babba ne zai yi nasara kusan kullum, domin guntaye biyar na 448 sun ninka biyar na 128 sau uku da rabi a yawan rubutu. Ba yankan ka gwada ba, yawan abin da aka kwaso ka gwada. Abin da ya dace a daidaita shi ne jimillar tokin da za a miƙa wa mai amsawa. Mun tsayar da shi a 1,792, wanda ya zama guntaye 14 na 128, ko 7 na 256, ko 4 na 448. Ma'aunin nasara kuma guda ne: shin rubutun amsar da muka kwafe ya fito cikakke a cikin abin da aka ɗebo? Ba mu shigar da samfurin rubuta amsa cikin wannan gwaji ba, domin yakan cike giɓi da abin da ya sani daga wani wuri, ya rufe maka laifin yanka.

A 128, tambayoyin lamba sun fi fitowa da kyau idan jimlar ta ambaci sunan abin da ake magana a kai. Dalili shi ne bektar ƙaramin guntu tana wakiltar magana ɗaya tak, don haka tana zama kusa da tambayar. Amma littattafan fasaha ba sa maimaita suna. Sashe zai fara da ambaton famfon ruwa, jimla ta shida sai ta ce a ɗaure notinsa guda huɗu da ƙarfi kaza. Idan aka raba jimlar nan da farkon sashen, ta zama marainiya, ba a san notin wane ne ba, kuma akwai irinta goma sha a littafin. Mafi muni, ana iya ɗebo ta famfon mai a madadin ta famfon ruwa, mai amsawa kuma ya ba da lambar da gaba gaɗi. Matakan aiki kuwa a wannan girma sun watse: mataki na ɗaya zuwa na huɗu su fito, na biyar zuwa na takwas su maƙale, domin ba su ɗauke da kalmar da aka yi tambaya da ita.

A 448 ciwon ya sauya wuri. Matakan aiki sun fi zuwa cikakku, amma tambayoyin lamba suka fara ɓacewa. Bekta ɗaya ce, lambobi 768, ko guntun jimla biyu ne ko sakin layi biyar. A e5 ana samun ta ne ta hanyar ɗaukar matsakaicin bektocin duk tokin da ke guntun. Idan guntu ya ƙunshi maganar matatar iska, da bel, da batir, bektarsa ba ta kusa da ko ɗaya daga cikinsu sosai, tana tsaka-tsaki ne. Jimla ɗaya mai ɗauke da amsar ta narke cikin sauran kamar cokalin gishiri a randa. Ga kuma ƙarancin zaɓi: guntaye huɗu kawai ake ɗebowa, idan na daidai ya zo na biyar an rasa shi. Alamar wannan ita ce ka ga amsar tana nan cikin wani guntu lafiya lau, amma guntun yana can a matsayi na takwas ko na goma.

Girman 256 bai fi kowa a kowane rukuni ba, amma shi ne bai faɗi warwas a ko ɗaya ba, don haka a kansa muka tsaya don gwada maimaici.

Ga misalin da ya sa muka ɗauki maimaici da muhimmanci. Wani sashe yana cewa a canza matatar iska bayan awa kaza na aiki. Jimlar da ke biye ta ce idan injin yana aiki a wuri mai ƙura, a rage wannan lokaci da rabi. Ba tare da maimaici ba, wuƙar ta faɗa daidai tsakaninsu. Ƙa'idar ta tafi ƙarshen wani guntu, togaciyar ta tafi farkon na gaba. Aka tambayi lokacin canza matata, guntun farko ya fito, na biyu bai fito ba, domin sauran abin da ke cikinsa maganar bel ce. Amsar da za a bayar daga nan ba ƙarya ba ce, amma ga injin da ke cikin ƙura, za ta iya lalata shi. Irin wannan kuskure ya fi rashin amsa haɗari, saboda ba ya nuna kansa.

Idan ana yanka da tsayayyen tsawo, ba tare da kula da jimla ko sakin layi ba, ana iya lissafa yawan faruwar haka. A ce girman guntu S ne, maimaici O, tsawon amsa kuma L. Idan amsar za ta iya faɗawa ko'ina a rubutun, yiwuwar a ce babu wani guntu ɗaya da ya ɗauke ta cikakkiya shi ne:

```
P = (L - O) / (S - O)
```

Idan L bai wuce O ba, yiwuwar ta zama sifili. Mu ɗauki amsa mai tokin 60 a guntu mai 256. Babu maimaici, 60 bisa 256, wato kusan kashi 23 cikin ɗari na irin waɗannan amsoshi za a sare su. Da maimaicin 32, 28 bisa 224, kashi 12.5. Da 64, ba za a sare ko ɗaya ba. To amma dubi amsa mai tokin 150 a wannan girma: babu maimaici kashi 59, da 32 kashi 53, da 64 kashi 45. Ka ga maimaicin bai yi mata wani abin kirki ba. Mayar da girman 448 ko ba maimaici, ta sauko zuwa kusan kashi 33. Abin da lissafin ke nunawa shi ne maimaici maganin gajerun amsoshi ne, ana auna shi da tsawon jimla biyun da ba a so a raba. Doguwar amsa kuwa girma take buƙata, ko kuma a yanke a inda ta ƙare. Shi ya sa ban yarda da shawarar a ɗauki kashi goma ko ashirin na girman guntu a matsayin maimaici ido rufe ba. Lambar tana iya faɗawa daidai, amma ba ta da alaƙa da girman guntu, tana da alaƙa ne da tsawon abin da kake karewa.

Farashin maimaici kuma ba a inda aka saba nuna shi yake ba. Yawan guntaye shi ne (N - O) a raba da (S - O), a cike zuwa sama, inda N ke nufin tsawon littafin. Ga namu, a girman 256: babu maimaici guntaye 469, da 32 guntaye 536, da 64 guntaye 625, da 128 guntaye 937. Kowace bekta lambobi 768 ne masu bayit huɗu-huɗu, wato bayit 3,072, don haka guntaye 625 ba su kai megabayit biyu ba. Ga littafi ɗaya wannan ba komai ba ne, sai an kai miliyoyin shafuka ake jin nauyinsa. Inda ake jin zafin shi ne a cikin abin da aka ɗebo. Guntaye maƙwabta masu maimaici mai yawa suna kama da juna, don haka idan ɗaya ya fito, maƙwabcinsa ma yakan biyo shi. Da maimaicin 128, guntaye uku a jere sun cinye tokin 768 daga cikin 1,792, amma sabon rubutun da ke cikinsu 512 ne kawai. Gurabe uku cikin bakwai sun tafi ga wuri ɗaya, wani sashe na daban da tambayar ke buƙata an ture shi waje. Mun ga haka ƙarara a tambayoyin da amsarsu ke wurare biyu, misali alamar matsala a babin gano cuta, gyaranta kuma a wani babi.

Akwai wani abu game da wannan mai yanka na LangChain da ya ɗauke mu lokaci kafin mu gane. Lambar `chunk_overlap` iyaka ce ta sama, ba alkawari ba ce. Yana fara tsinka rubutu ne ta sakin layi, sannan ya riƙa haɗa su har guntu ya cika. Idan zai fara sabon guntu, yana ɗauko cikakkun gutsattsari daga ƙarshen na baya matuƙar jimillarsu ba ta wuce lambar ba. To idan sakin layi na ƙarshe tokin 90 ne, kai kuma ka ce 32, ba zai yanko masa wutsiya ba, zai bar shi gaba ɗaya, maimaicin ya zama sifili. Ainihin maimaici yana faruwa ne galibi inda sakin layi ɗaya ya fi guntu girma har aka tsinka shi jimla-jimla. Da farko mun yi mamakin ganin sakamakon 0 da na 32 kusan iri ɗaya ne, sai da muka buga guntaye ashirin a jere muka karanta mahaɗarsu da ido, muka tarar yawancinsu ba su maimaita ko kalma ɗaya ba. Lissafin da na kawo a sama ma na tsayayyen yanka ne, ba ya aiki kai tsaye a kan wannan. Duk wanda ya saita maimaici ya auna abin da ya samu a zahiri, kada ya yarda da lambar da ya rubuta.

Wannan ya kai mu ga sauya tsarin gaba ɗaya. Maimakon mu miƙa littafin a dunƙule, muka fara raba shi ta taken sassa, tunda marubutan sun riga sun yi mana rabin aikin: kowane ƙaramin sashe magana ɗaya yake yi. Sashen da bai kai 256 ba muka bar shi guntu ɗaya, ko da tokin 70 ne, ba mu cusa masa maƙwabcinsa don ya cika ba. Babu maimaici tsakanin sashe da sashe, domin ɗauko ƙarshen maganar batir a liƙa a farkon maganar bel ba ya kare komai, sai dai ya gurɓata bektar. Sashen da ya wuce 256 kawai muke yankawa, a kan iyakar jimla, kuma muka rubuta 'yan layuka namu da ke ɗauko jimloli biyu na ƙarshe zuwa guntu na gaba ko da an tsallake sakin layi, matuƙar ba su wuce tokin 64 ba. Lambar 64 ta fito ne daga tsawon amsoshin ƙa'ida da togaciya da muka auna.

Matakan aiki masu lamba muka ba su izinin kaiwa 448 ba tare da yanka ba. Jerin matakai magana ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, don haka tsawonsa ba ya narkar da bektar yadda haɗa batutuwa uku ke yi. Wanda ya wuce 448 muka yanke shi tsakanin mataki da mataki, kuma gargaɗin tsaro da ke samansa, kamar a kashe inji a cire kan batir, muka maimaita shi a kowane ɓangare. Jadawali kuma ba ya jure yankan zube ko kaɗan. Idan aka raba layukansa da kan ginshiƙai, abin da ya rage lambobi ne zalla, ba a san wanne ne girman noti wanne ne ƙarfin ɗauri ba. Muka yanka su layi goma-goma ko ƙasa da haka, muka maimaita kan ginshiƙan a saman kowane guntu.

Gyaran da ya fi kowanne tasiri a tambayoyin lamba shi ne wanda muka ware wa tokin 40 tun farko. A saman kowane guntu muka rubuta hanyar takensa: sunan babi, sunan sashe, sunan ƙaramin sashe. Jimlar nan ta noti huɗu yanzu tana tafe da takenta: tsarin sanyaya inji, famfon ruwa, mayarwa. Maimaici ba zai iya wannan ba, domin sunan famfon yana can tokin 200 a baya, nesa da inda maimaici mai hankali zai kai. Sai dai taken ma yana da iyaka. A guntu mai tokin 50, take mai tokin 40 ya kusa rinjayar rubutun, sai duk guntayen sashe ɗaya su yi kama da juna. A irin waɗannan muka rage shi zuwa sunaye biyu na ƙarshe.

A lokacin ɗebowa ma mun ƙara mataki ɗaya. Kowane guntu yana ɗauke da lambar sashensa da matsayinsa a ciki. Idan maƙwabta biyu suka fito tare, muna haɗe su mu cire abin da ya maimaitu, tokin da aka samu sai a cike da guntu na gaba a jerin. Idan kuma guntu ɗaya ne ya fito daga wani jerin matakai da aka raba, muna jawo sauran ɓangarorinsa. Ta haka nema yana tafiya da ƙananan guntaye, abin da aka miƙa wa mai amsawa kuma cikakke ne.

Daga nan muka sake gudanar da tambayoyi 60 ɗin, muka zauna da waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ga kowacce tambaya biyu muke yi. Ta farko: akwai guntun da ya ɗauke amsar cikakkiya a duk ma'ajiyar? Idan babu, laifin yanka ne, a duba iyaka ko maimaici. Ta biyu: idan akwai, a wane matsayi ya zo? Idan ya zo kusa, na takwas ko na tara, yawanci guntun ya haɗa batutuwa ne ko ya rasa take. Idan kuwa ya zo can nesa, sau da yawa ba maganar yanka ba ce sam. Tambayoyin da ke ɗauke da lambar kayan gyara ko lambar kuskure da ke fitowa a allon inji suna cikin wannan rukuni, domin bekta ba ta bambance lambobi biyu masu kama da juna da kyau, kuma babu girman guntu da ya gyara su. Maganinsu shi ne a haɗa da neman kalma irin na BM25. Da ba mu raba laifuffukan haka ba, da mun yi ta juya girma da maimaici muna bin abin da ba su suka jawo ba.

Tambayoyi 60 kaɗan ne, kowace ɗaya ta kai kusan kashi 1.7 cikin ɗari. Saboda haka bambancin tambaya ɗaya ko biyu tsakanin saiti biyu ba mu ɗauke shi hujja ba, ba mu kuma ɓata lokaci wajen gwada 240 da 256 da 272 ba. Abin da muka bi shi ne rukunin da ya faɗi tare da dalilin da za a iya gani da ido a cikin guntayen. Kafin mu loda na ƙarshe muka sake ƙirga kowane guntu yadda zai shiga samfurin, da `passage: ` da take da komai, muka tabbatar babu wanda ya wuce 512, domin jimillar tokin gutsattsari ba kullum take daidai da tokin rubutun bayan an haɗe shi ba. Saitin da tambayoyin muka adana su wuri ɗaya da sunan samfurin, saboda ranar da aka canza samfuri, tokanaiza ta canza, rufi ya canza, dole a sake yanka littafin, a sake yin dukkan bektocin, a kuma sake gudanar da tambayoyin nan 60 daga farko.